Nawa buhu ya tsaya maka? Tambayoyi da amsoshi kan fitar da matsakaicin farashin kayan da aka saro a farashi daban-daban

Na yi shekaru ina riƙe wa kawuna littafin sito a kasuwar Dawanau, kuma tambayar da ta fi kowace yawan dawowa ita ce: "To, wannan masarar a kan nawa ta tsaya mana?" Idan sari ɗaya aka yi, ko yaron shago zai ba ka amsa. Rikici yana farawa ne idan an saro sau uku ko huɗu, kowanne da farashinsa, an jibge buhuna wuri guda har ba a gane wanne ne na wace rana. Farashin da za ka gani a nan na misali ne, na zaɓe su don lissafi ya fito fili. Ka cire su ka sa naka.

Yaya ake yin lissafin?

Ka tara duk kuɗin da ka kashe wajen sayen kayan, ka tara yawan kayan, sannan ka raba kuɗin da yawan kayan.

A ce Alhaji ya saro farar masara sau uku. Da kaka, lokacin da kaya ya cika kasuwa, ya sayi buhu 40 a kan ₦30,000 kowanne, ya biya ₦1,200,000. Bayan 'yan makonni kasuwa ta yi tsalle, ya ji tsoro, sai ya ɗan taɓa buhu 10 kawai a kan ₦42,000, kuɗinsu ₦420,000. Da farashi ya ɗan sauko ya koma ya ɗauko buhu 50 a kan ₦36,000, wato ₦1,800,000.

Buhuna sun kama 100 cif. Kuɗi kuma ₦1,200,000 da ₦420,000 da ₦1,800,000, jimilla ₦3,420,000. Raba wannan gida 100, za ka samu ₦34,200. A kan haka kowane buhu ya tsaya wa Alhaji, ko daga wane sari ya fito.

Me ya sa ba zan haɗa farashin ukun kawai in raba uku ba?

Domin yin hakan tamkar ka ce buhu 10 da buhu 50 nauyinsu ɗaya ne a aljihunka. Idan ka haɗa ₦30,000 da ₦42,000 da ₦36,000 ka raba uku, ₦36,000 za ka samu. Ka ba sarin nan mai tsada kashi ɗaya cikin uku na lissafin ke nan, alhali kashi ɗaya cikin goma ne na kayan da ke sito. Bambancin ₦1,800 a buhu bai kai abin tayar da jijiyar wuya ba a ido, amma a buhu 100 ya zama ₦180,000.

A wannan misalin kuskuren ya kumbura uwar kuɗi, sai Alhaji ya ƙi tayin ₦35,500 yana ganin faɗuwa zai yi, alhali da ribarsa ta ₦1,300 a kowane buhu. Wanda ya fi ciwo shi ne idan abin ya juya, wato babban sarin ne mai tsada. A nan raba-uku zai nuna maka uwar kuɗi ƙasa da gaskiya, ka dinga sayarwa kana murna, jari yana zurarewa ba ka sani ba.

Sau ɗaya kawai hanyoyin biyu suke haɗuwa ba tare da sa'a ba: idan kowane sari yawansa ɗaya, kamar buhu 20, buhu 20, buhu 20.

Kuɗin mota da dako da la'ada fa, suna shiga?

Suna shiga. Duk abin da ka kashe har kaya ya iso sitonka cikin halin da za a iya sayar da shi, uwar kuɗi ne: kuɗin mota, ladan 'yan dako na lodi da saukewa, la'adar dillali, kuɗin buhu da ɗinki idan kai ka sake musu buhu, da abin da aka karɓa a hanya na haraji. Rangwamen da mai kaya ya yi maka kuma ka cire shi.

Mu koma wurin Alhaji. Sarin farko daga kasuwar ƙauye ya zo, mota da dako sun ci ₦60,000. Na biyu a cikin kasuwa ya saya, ₦5,000 kawai ya ba masu kura. Na uku ya fi nisa, ya ci ₦100,000. Jimillar ɗawainiya ₦165,000. Idan ka ɗora ta a kan ₦3,420,000 ta zama ₦3,585,000, buhu ya koma ₦35,850. Yanzu tayin nan na ₦35,500 da muka ce akwai riba a cikinsa ya zama faɗuwar ₦350 a buhu. Shi ya sa nake naci a kan a rubuta kuɗin dako nan take, domin shi ne ake ciro wa daga aljihun gaba a miƙa, kafin la'asar an manta.

Abin da ba ya shiga shi ne hayar sito, albashin yaran shago, abincin rana, da kuɗin kai wa mai saye kayansa. Waɗannan kuɗin tafiyar da kasuwanci ne, ana cire su daga riba a ƙarshe. Haka ƙa'idar akantoci ta duniya kan kayan sayarwa, wadda ake kira IAS 2, ta raba su. Daga nan zuwa ƙasa zan ajiye kuɗin mota gefe don alƙaluma su yi sauƙin bi, amma a naka littafin kada ka ajiye shi.

Na riga na sayar da wasu kafin in saro sababbi. Yaya zan yi?

Nan ne mafi yawan mutane suke ɓacewa, don haka bari mu ɗan zauna a kai. Buhun da ya fita daga sito ya tafi da kuɗinsa, ba ya cikin lissafin gaba. Abin da za ka haɗa da sabon sari shi ne ragowar da ke ƙasa kaɗai.

Alhaji ya sayi buhu 40 a kan ₦30,000. Kafin sari na biyu ya sayar da 20. Uwar kuɗin waɗannan ₦600,000 ce, saura buhu 20 masu darajar ₦600,000 a sito.

Sai ga buhu 10 na ₦420,000 sun shigo. Yanzu akwai buhu 30, kuɗinsu ₦1,020,000. Raba gida 30, kowanne ₦34,000. Ka lura yadda farashin ya yi tsalle daga ₦30,000 zuwa ₦34,000 saboda buhu 10 kacal. Da duka 40 na farko suna nan, ₦32,400 zai tsaya. Amma rabinsu sun tafi, sai mai tsadar ya samu ƙarfi.

Ya sake sayar da buhu 20. Wannan karon kowanne yana fita a kan ₦34,000, wato ₦680,000. Saura buhu 10, darajarsu ₦340,000.

Sarin ƙarshe, buhu 50 na ₦1,800,000, ya sauka. Buhu 60 ke nan a kan ₦2,140,000. Idan ka raba za ka samu ₦35,666 da 'yan kwabbai, a ce ₦35,667.

Abu biyu za ka riƙe a nan. Sayarwa ba ta canza matsakaicin farashi, yawan kaya da jimillar kuɗinsu kawai take ragewa. Sari ne yake canza shi. Na biyu, farashin da ka sayar ba ya shiga wannan lissafin ko kaɗan. Na taɓa ganin littafin da yaro yake cire kuɗin ciniki daga darajar kayan sito: ya sayar da buhu 20 a kan ₦35,000, sai ya cire ₦700,000 daga ₦1,200,000, ya ce saura buhu 20 sun tsaya a kan ₦25,000. Ribar ₦100,000 ce ya dulmiyar a cikin kaya, maigida ya neme ta sama da ƙasa a ƙarshen wata.

To ai yanzu amsa biyu na gani, ₦34,200 da ₦35,667. Wacce ce daidai?

Kowacce daidai ce a hanyarta. Akwai mai jira sai ƙarshen wata ko ƙarshen shekara, ya tara duk sarin da ya yi, da abin da ya tarar a sito a farkon lokacin, ya fitar da farashi ɗaya. Akwai kuma mai sabunta lissafi duk ranar da sabon kaya ya shigo, kamar yadda muka yi yanzu.

A ce buhu 20 na farko an sayar da su ₦35,000, na biyun kuma ₦40,000. Ciniki ya kama ₦1,500,000. Mai jiran ƙarshen wata zai ce buhu 40 sun fita a kan ₦34,200, wato ₦1,368,000, ribarsa ₦132,000, kayan sito kuma ₦2,052,000. Mai sabuntawa zai ce uwar kuɗin abin da ya fita ₦600,000 da ₦680,000 ce, wato ₦1,280,000, ribarsa ₦220,000, kayan sito ₦2,140,000.

Tazarar ₦88,000 ba ta ɓace ba. Ɗayan ya lissafa ta a ribar wannan wata, ɗayan kuma zai gan ta idan ya sayar da ragowar buhu 60. Ranar da sito ya zama wayam, ribar mutum biyun za ta zo daidai wa daida.

Ni dai na fi son sabuntawa, domin ɗan kasuwa yana bukatar sanin farashinsa ne lokacin da mai saye yake tsaye a gabansa, ba zai ce masa ya dawo ƙarshen wata ba. Kuma akwai wani abin da ba ya kwanta mini a hanyar jira: tana ɗora wa buhunan da aka sayar tun da kaka wani kaso na tsadar kayan da a lokacin ko sayensu ba a yi ba. Amma mai shagon da ke sayar da kaya iri ɗari, yana ciniki da safe har dare ba tare da na'ura ba, hanyar jira ce za ta yiwu masa. Abin da ba a so shi ne wannan wata ka bi wannan, wata mai zuwa ka bi waccan saboda ta fi nuna riba. Musamman idan jarin haɗin gwiwa ne, ku yi magana a kan hanyar tun kafin rabon riba ya zo.

Ni tsohon kaya nake fara fitarwa don kada ƙwari su shiga. Wannan bai ɓata lissafin ba?

Bai ɓata ba. Yadda buhu yake fita daga ƙofar sito daban, yadda kuɗinsa yake fita daga littafi daban. Ka ci gaba da fitar da tsohuwar masara, littafi kuma ya ci gaba da matsakaicin farashi.

Akwai dai wata hanya da ke bin tsarin fitar, wadda a manhajojin lissafi za ka ga an rubuta FIFO, wato na farkon shiga shi ne na farkon fita. Da ita Alhaji zai ce duka buhu 40 da ya sayar daga sarin farko ne, ₦1,200,000, ribarsa ta zama ₦300,000. Idan farashi yana hawa, wannan hanya takan nuna riba mai kauri. Kishiyarta, LIFO, mai ɗaukar na ƙarshen shiga a matsayin na farkon fita, ƙa'idar IAS 2 ba ta yarda da ita ba, kuma kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya sun koma bin waɗannan ƙa'idoji na duniya tun 2012.

Buhunan ba cikarsu ɗaya ba, wasu kuma sun ragu bayan bushewa da bankaɗe.

To ka daina ƙirga buhu, ka koma tiya ko kilo. A ce buhunan sarin farko da aka auna tiya 38 suka ba da, sauran kuma tiya 40. Buhu 40 sau 38 ya ba da tiya 1,520, buhu 60 sau 40 kuma 2,400, jimilla 3,920. Raba ₦3,420,000 da wannan, tiya ta tsaya a kan kusan ₦872. Wanda ya ɗauka kowane buhu tiya 40 ne zai ce ₦855. Ga mai awo a bakin shago, wanda ribarsa a tiya ba ta taka kara ta karya ba, wannan ₦17 tana iya cinye kaso mai tsoka na abin da yake nema.

Masarar farkon kaka ta saba da wannan, domin da sauran danshinta ake ɗinke ta. Araharta ba duka ce araha ba, wani ɓangaren ruwa ka saya.

Ragin da kowa ya san sai an yi shi, na bushewa da tsakuwa da ƙaiƙayi, ragowar kaya ne suke ɗaukar kuɗinsa. Buhu 100 suka koma 97 bayan gyara, sai ka raba kuɗin gida 97, buhu ya zama kusan ₦35,258. Amma idan rufi ne ya yi yoyo buhu 10 suka ruɓe, ko aka fasa sito, wannan asara ce. Ka cire su a kan matsakaicin farashin ranar, ka rubuta su a shafin asara. Idan ka lafta kuɗinsu a kan sauran buhuna, za ka fito da farashin da kasuwa ba ta san da shi ba, kuma asarar ta ɓuya maka.

Gyara kuwa, idan mai kaya ya ƙara maka buhu ɗaya a kan 50, ka rubuta buhu 51 a kan kuɗin da ka biya.

Idan na mayar da kaya, ko aka dawo mini da shi?

Wanda ka mayar wa mai shi yana fita a kan kuɗin da ya dawo hannunka. Alhaji ya tarar da buhu 5 na sarin ƙarshe da ƙwari, ya mayar, aka ba shi ₦180,000. Saura buhu 55 a kan ₦1,960,000, kowanne kusan ₦35,636. Wanda mai saye ya dawo maka da shi kuma yana komawa sito a kan uwar kuɗin da ya fita da ita, ba a kan kuɗin da ka sayar masa ba.

Shin wannan farashin ne zan ɗora riba a kai in sayar?

Shi ne zai gaya maka ko ka ci riba a kan abin da ka riga ka saya. Amma ba zai gaya maka ko kuɗin da ka karɓa za su iya mayar da buhun da ya fita ba. Idan littafi ya ce ₦35,667, sari kuma yau ₦45,000 ne, ka sayar ₦40,000, a rubuce ka ci riba. Amma kuɗin buhu 60, ₦2,400,000, buhu 53 za su sayo maka. Don haka a ajiye lambobi biyu a gaba: yadda ya tsaya, da yadda ake sari yau.

Idan kasuwa ce ta faɗi, a ce abin da za ka iya samu a buhu bayan cire ɗawainiyar sayarwa ya koma ₦28,000, buhu 60 ɗin nan darajarsu ₦1,680,000 ce. Akantoci a nan suna rage darajar kayan a littafi, su rubuta asarar ₦460,000 tun kafin a sayar. 'Yan kasuwarmu ba sa son jin wannan, sukan ce ai ba a faɗi ba tunda kaya na nan. Mai hatsi yana iya jira bazara ya gani. Amma wanda zai raba riba da abokin tarayya, ko zai nuna littafi don neman bashi, bai kamata ya kira kayan ₦1,680,000 da ₦2,140,000 ba.

Farashi ya faɗi. Idan na ƙara saro mai araha, ai matsakaicin zai sauko, na rage asara ke nan?

Matsakaicin zai sauko, asarar kuwa tana nan daram. Alhaji ya ƙara buhu 60 a kan ₦28,000, ya zuba ₦1,680,000. Yanzu buhu 120 a kan ₦3,820,000, kowanne kusan ₦31,833. Lambar ta yi daɗin gani. Amma ka kimanta buhu 120 a farashin kasuwa, ₦3,360,000 ne. Tazarar ₦460,000 ce, ita ɗin dai ta ɗazu, an shimfiɗa ta ne a kan buhuna masu yawa.

Abin da ya canza shi ne yanzu duk motsin ₦1,000 a kasuwa yana taɓa Alhaji da ₦120,000 maimakon ₦60,000, ko sama ko ƙasa. Idan yana da dalilin ganin masara za ta tashi, sarin yana da hujjarsa. Idan kuwa don lambar littafi ta yi kyau ne, ya ninka kasadarsa a banza. Haka abin yake ga mai tara dala ko sefa, da mai sayen hannun jari.

Wane irin kaya ne bai dace da wannan lissafi ba?

Duk kayan da mai saye ba zai yarda a musanya masa ɗaya da ɗaya ba. Farar masara da ja kowacce da shafinta, haka farin wake da jan wake, haka shinkafar gida da ta waje. Shanu, motoci da filaye kuwa kowane ɗaya da kuɗinsa ake rubuta shi, domin ba wanda zai haɗa bajimin sa da maraƙi ya raba biyu.

Zan iya fitar da zakka da wannan farashin?

Zakkar kayan kasuwanci da darajarsu ta kasuwa ake kimanta ta, ba da yadda suka tsaya maka ba. Malaman Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin mai juya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran kasuwa. Littafinka zai ba ka yawan buhuna daidai, sauran bayanin ka kai wa malami.

Yaya zan sa kwamfuta ko waya ta yi mini?

A Excel ko Google Sheets, sa yawan buhuna a layin B, farashin kowane buhu a layin C, daga jeri na 2 zuwa na 4, sai ka rubuta:

```
=SUMPRODUCT(B2:B4,C2:C4)/SUM(B2:B4)
```

Da alƙaluman Alhaji zai ba ka 34200. Ka guji `AVERAGE`, domin shi raba-ukun nan yake yi, 36000 zai nuna maka. Wannan dabarar ta hanyar jira ce. Idan sabuntawa kake so, ka buɗe gurbi biyu da suke tafiya tare, ragowar buhuna da ragowar kuɗi, ka dinga raba na biyu da na farko a kowane jeri.

Ta yaya zan gane na yi kuskure?

Amsarka dole ta faɗo tsakanin mafi arahar sari da mafi tsadarsa, bayan ka ɗora wa kowanne kuɗin motarsa da dakonsa. Idan Alhaji ya samu ₦29,000 ko ₦43,000, ba sai an duba ba, akwai kuskure. 

Gwajin da na fi dogara da shi shi ne wannan: uwar kuɗin abin da ya fita, a haɗa da darajar abin da ya rage, dole su ba da jimillar abin da aka kashe. ₦1,280,000 da ₦2,140,000 sun ba da ₦3,420,000. Idan suka ƙi haɗuwa da naira ashirin ko talatin, yawanci cike kwabbai ne. Ka ninka ₦35,667 sau 60, za ka ga ₦20 ta ƙaru. Maganinsa shi ne ka dinga ɗauko jimillar kuɗin daga jeri zuwa jeri, kada ka sake gina ta daga farashin da ka cike. Idan kuwa tazarar ta kai kuɗin buhu guda ko biyu, ka ajiye biro ka ɗauki makulli, ka je ka ƙirga buhunan da ke sito da hannunka.